Gishiri a Cikin Ruwan Alwala: Yadda Layi Ɗaya na Muhtasar Ya Tara Malamai



Duk wanda ya taɓa leƙa zauren malami bayan sallar Asuba ya san littattafan nan masu rawayar takarda, waɗanda aka buga a Misira, rubutunsu ƙanana kamar jerin tururuwa. In ka buɗe ɗaya daga cikinsu za ka ga an ja layi an kewaye tsakiyar shafin, rubutu ya cika ciki, wani rubutun kuma ya zagaye gefe, wani lokaci har da na uku a ƙasa. Da yawa daga cikinmu 'yan boko mukan ɗauka littafi ɗaya ne mai cunkoso. Alhali littattafai uku ne ko huɗu a shafi ɗaya, na mutane daban-daban, waɗanda wasunsu ɗaruruwan shekaru ne tsakaninsu. Wanda bai san muryar wa yake ji a kowane layi ba, zai iya jingina wa malami maganar da shi malamin ya kawo ta ne don ya rushe ta.

Nakan je zauren wani malami a unguwarmu ranakun Asabar da Lahadi. Ni dai a Iziyya nake, ban kai ko'ina ba. Amma a zaure ba a korar yaro in manya suna ɗaukar nasu karatun, sai ka samu gefen tabarma ka kasa kunne. Abin da zan kawo muku daga can na tsinto shi, daga karatun masu Muhtasar.

Waɗanda suka san tsarin karatun fiƙihu a ƙasar Hausa sun san matakalar: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, sannan Muhtasar na Shehu Halilu ɗan Ishaƙa. Shi Halilu mutumin Misira ne, ya rasu wajen shekarar 1374. Littafinsa ƙarami ne, mujalladi ɗaya, kana iya sa shi a aljihun babbar riga. Sai dai ba a banza aka ajiye shi a ƙarshen matakala ba.

Muhtasar ma'anarsa abin da aka taƙaita, to me aka taƙaita? Asalin maganar daga Madina take, wurin Imamu Malik, wanda ya rasu a 795. Almajirinsa Ibnul Ƙasim ya riƙe fatawoyinsa, sai Sahnunu na Ƙairawan, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya je ya yi ta yi masa tambayoyi yana rubuta amsa. Wannan ya zama Mudawwana, littafi mai mujalladai da yawa, tambaya da amsa. Ya yi wa ɗalibai tsawo, sai Baradi'i ya tace shi. Malamai suka yi ta sharhi suna saɓani, har Ibnul Hajib, wanda ya rasu a 1249, ya tattara maganganun mazhaba ya matse su a taƙaitaccen littafi. Nasa kuma ya matsu da yawa, ba ya ganuwa sai da jagora, sai Halilu ya yi masa sharhi mai faɗi mai suna Taudihi. Bayan haka ne shi ma ya zauna ya rubuta nasa taƙaitaccen, inda ya yi niyyar kawo abin da ake fatawa da shi kawai. Kun ga ke nan abin kamar zugazugin maƙeri yake, a buɗe a matse, a buɗe a matse. Mai taƙaitawar nan shi ma mai sharhi ne kafin ya taƙaita.

Matsin da Halilu ya yi wa littafinsa ya kai ga har sunayen malamai bai tsaya ambata ba. A gabatarwa ya ba da mabuɗi. In ya yi amfani da kalmar da ta fito daga "ihtiyari", wato zaɓi, to Lahmi yake nufi. In ta fito daga "tarjihi", wato rinjayarwa, Ibnu Yunus ne. "Zuhuru" na Ibnu Rushdi ne, kakan masanin falsafar nan, "ƙaulu" kuma na Maziri. Bai tsaya nan ba. In kalmar ta zo a siffar aikatau, ra'ayin malamin ne na ƙashin kansa. In ta zo a siffar suna, malamin ya tarar da saɓani ne ya zaɓi ɓangare ɗaya. Ƙaramar kalmar nan "lau", wadda muke fassarawa da "ko da", alama ce cewa akwai wani a cikin mazhaba da bai yarda ba. "Taraddudu" kuma tana nuna malaman baya sun yi kai-kawo, ko dai wajen naƙalto maganar magabata ko don ba su sami nassinsu a kan mas'alar ba. Wanda ya tsallake wannan gabatarwa ya faɗa cikin littafin, ko da ya iya Larabci kamar Balarabe, rabin maganar zai wuce shi.

Bari mu ɗauki mas'ala ɗaya mu bi ta, don a nan ne abin yake fitowa fili. Babin farko na Muhtasar a kan ruwa yake: wane ruwa ne ake alwala da wanka da shi? Ƙa'idar ita ce ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya canja da wani abu na daban, kamar nono ko sabulu, ba a alwala da shi ko da shi abin mai tsarki ne. Amma in abin da ya canja shi daga mazauninsa ne, kamar jar ƙasar da rafi yake bi ta kai, ba komai. To sai tambaya ta taso: in mutum ne da hannunsa ya zuba gishiri a randa har ruwan ya yi ɗanɗano fa? Gishiri dai daga ƙasa yake fita, ga shi kuma abinci ne. Da wanne za a haɗa shi, da turɓaya ko da nono?

Halilu ya gama da wannan a cikin kalmomin da ba su kai 20 ba. Abin da ya ce, a Hausance, ya kasu gaɓa uku. Ta farko, ruwan da ya canja da turɓaya ko gishirin da aka zuba masa, ko da da gangan ne, yana tsarkakewa. Ta biyu, abin da aka fi rinjayarwa shi ne gishiri yana ƙwace wa ruwa ikon tsarkakewa. Ta uku, game da ko an haɗu a kan haka in gishirin sarrafa shi aka yi, akwai kai-kawo. Shi ke nan, ya wuce wata mas'alar.

Ku sake karanta gaɓa ta farko da ta biyu. Ta farko ta ce ya halatta, ta biyu ta ce abin da aka rinjayar bai halatta ba. Ɗalibin da yake riƙe da matani kaɗai, wato ainihin kalmomin Halilu ba tare da bayanin kowa ba, zai ce ai magana ta ƙare, tunda marubucin da kansa ya ce ga wanda ya fi rinjaye. Zai tashi ya je ya ce wa mutane alwalarsu ba ta yi ba.

A nan sharhi yake shigowa. Wanda na fi jin ana buɗewa a zauren da nake zuwa shi ne Sharhul Kabir na Shehu Ahmadu Dardiri, malamin Azhar da ya rasu a 1786, wato sama da shekara 400 bayan Halilu. Salonsa shi ne ya saƙa maganarsa a cikin ta Halilu, har su zama jimla ɗaya mai tafiya. A rubutun hannu na dā akan rubuta kalmomin matani da jan tawada, na mai sharhi da baƙa. A bugun injin sai aka sa na matani a cikin baka biyu. Da Dardiri ya iso kalmar rinjayarwar nan, sai ya ƙara mata suna: a wurin Ibnu Yunus. Ga amfanin mabuɗin gabatarwa. Ashe ba Halilu ne yake yanke hukunci ba, labarin zaɓin wani malami yake bayarwa. Sannan Dardiri ya ce wannan zaɓin mai rauni ne, abin dogaro shi ne gaɓa ta farko. Ya kuma bayyana abin da ake nufi da sarrafaffen gishiri: a ɗebo ƙasa mai gishiri, a dafa da wuta, a fitar da gishirin daga cikinta, saɓanin wanda ake haƙowa a ma'adininsa yadda Allah Ya halicce shi.

Kalmomi kaɗan Dardiri ya ƙara, amma sun juya fahimtar layin gaba ɗaya. Sai dai shi ma ya bar tambayoyi. In Ibnu Yunus zaɓa ya yi daga saɓanin da ya tarar, kamar yadda siffar kalmar ta nuna, to su wa suka yi saɓanin? Kuma kai-kawon nan a kan me aka yi shi?

Wannan aikin hashiya ne. Kalmar asalinta gefe take nufi, don malami ko ɗalibi a gefen takardar sharhi yake rubuta abin da ya lura da shi lokacin karatu, daga baya a tattara ya zama littafi. Wanda ya yi wa sharhin Dardiri hashiya almajirinsa ne, Muhammadu Dasuƙi, ya rasu a 1815. Hashiya ba ta bin kowace kalma. Takan tsinci wurin da ke da ƙulli, ta ce "ƙauluhu", wato "faɗarsa kaza", ta kawo kalma biyu ko uku na sharhin don ka gane wurin, sannan ta kwance. A kan gishiri Dasuƙi ya jero hanyoyi uku. Ibnu Abi Zaidin, mai Risalar nan da ake karantawa a zaurukanmu, ya ce gishiri kamar turɓaya yake, ba ya canja hukuncin ruwa. Ƙabisi ya ce kamar abinci yake, yana canjawa, kuma wannan ne Ibnu Yunus ya zaɓa. Baji ya raba: na ma'adini kamar turɓaya, sarrafaffe kamar abinci.

Sai kuma waɗanda suka zo bayan waɗannan ukun suka yi saɓani a kan saɓanin. Wasu suka ce ai duk magana ɗaya ce, wanda ya ce kamar turɓaya na ma'adini yake nufi, wanda ya ce kamar abinci sarrafaffe yake nufi, Baji ya fito da abin da ke zukatansu ne kawai. In haka ne, kowa ya yarda sarrafaffe yana ɓata ruwan. Wasu suka ce a'a, maganganu uku ne masu zaman kansu, don haka sarrafaffen ma ana saɓani a kansa. Wannan shi ne kai-kawon da Halilu ya dunƙule a kalma ɗaya tak. Dardiri ya rinjayar da fahimta ta biyu, ya kuma tsaya a kan cewa gishirin ƙasa, haƙaƙƙe ko dafaffe, ba ya hana alwala. Masu sharhi sun ware wani iri guda, gishirin da aka yi daga tsiro, suka ce shi kam yana hanawa, tunda ba ɓangaren ƙasa ba ne.

Na san wani zai ce duk wannan wahala a kan ɗan gishiri? Ni ma ban ce kowace muhawara da ke cikin hashiyoyi ta cancanci tawadar da aka ɓata mata ba. Akwai wuraren da za a cika rabin shafi ana jayayya a kan ko da Halilu ya sa wannan harafi maimakon wancan da ya fi kyau. Amma ta gishiri ba ta cikinsu. Kakanninmu gishiri iri-iri suka sani. Akwai kantun Bilma da ayarin raƙuma ke kawowa. Akwai manda ta ƙasar Manga, wadda ake tace ƙasa a dafa ruwan, daidai da siffar da Dardiri ya bayar duk da bai taɓa zuwa can ba. A yankin Tafkin Chadi kuma an daɗe ana fitar da wani gishiri daga tokar itacen asuwaki. Rabe-raben da aka yi a Ƙairawan da Alƙahira sai ga shi ya faɗo daidai kan kayan da ke kasuwanninmu. Malamin da aka tambaya a Kano ko Damagaram ba zai iya amsawa da matani kaɗai ba.

A bugun Misira na hashiyar Dasuƙi, mai mujalladi huɗu, wani abin dariya ya faru. Hashiyar da sunanta gefe ita ce ta mamaye tsakiyar shafi, sharhin Dardiri aka tura shi gefe, shi kuwa Halilu mai gayya mai aiki yana can a cikin baka, kalma biyu nan, uku can. Tare da su kuma akwai hawa na huɗu, taƙriran Shehu Muhammadu Ulaishi, wanda ya rasu a 1882. Taƙriri gajeren bayani ne irin wanda malami kan yi lokacin da yake karantar da hashiyar. Saboda haka mai buɗe shafin yana bukatar ya san inda zai fara sa ido: ya nemi baka tukuna ya ji Halilu, ya karanta abin da ke kewaye da bakan ya ji Dardiri, sannan ya shiga tsakiya ya nemi "ƙauluhu" da ta dace da wurin.

Ko a cikin tsakiyar ma ba muryar Dasuƙi kaɗai ba ce. Yana naƙalto magabatansa da haruffa don takarda ta isa. Harafin ha shi kaɗai Haɗɗabi ne, mai Mawahibul Jalil. Ain da ba da ƙaf Abdulbaƙi Zurƙani ne. Ba da nun Bannani ne. In ya ce "shaihuna", malaminsa Aliyu Adawi yake nufi. In ya gama naƙali sai ya sa alif da ha, alamar maganar wancan ta ƙare. Kuskuren da aka fi yi a nan yake: mutum ya karanta ra'ayi mai kyau, ya rufe littafi, ya ce Dasuƙi ya ce, alhali da ya ƙara layi biyu da ya ga alif da ha, ya ga Dasuƙi ya biyo baya yana cewa maganar akwai abin dubawa a cikinta. Duk lokacin da wani ya kawo muku magana ya ce tana cikin littafi kaza, tambayar da ta dace ita ce a wane hawa take, kuma me aka ce bayanta.

Haruffan nan biyu, na Zurƙani da na Bannani, suna yawan zuwa tare, kuma da dalili. Zurƙani, wanda ya rasu a 1688, ya yi wa Muhtasar sharhi mai tarin fa'ida, amma an same shi da kurakurai wajen naƙali. Sai Bannani, malamin Fas a Maroko, ya bi shi da hashiya, sunan littafin ma da kansa yana cewa a kan abin da Zurƙani ya sha'afa ne. Har malaman Magrib suka riƙa gargaɗin kada a dogara da Zurƙani ba tare da Bannani a kusa ba. Shi ma Bannanin bai tsira ba, Rahuni ya zo ya bi bayansu su biyun yana gyara. Ni wannan ne ya fi burge ni a cikin tsarin duka. Ba a goge maganar wanda ya yi kuskure, ba a kuma sake buga littafinsa a ɓoye gyaran. Ana barin maganarsa yadda take, a rubuta gyaran kusa da ita da sunan mai gyara, mai karatu ya ga duka biyun ya auna.

Tsarin yana da masu sukarsa tun da daɗewa. Ibnu Haldun, wanda ya yi zamani da Halilu, ya rubuta a Muƙaddima cewa yawan taƙaita littattafai yana cutar da koyo, don ɗalibi yakan ƙare ƙarfinsa wajen kwance matsattsun kalmomi maimakon fahimtar ilimin, ya kuma ambaci Ibnul Hajib cikin misalansa. Akwai gaskiya a ciki. Wani abin kuma, a duk tafiyar da muka yi a kan gishiri, sunayen malamai muka yi ta ji, ba mu ji aya ko hadisi ba. Waɗannan littattafai an rubuta su ne don a san matsayar mazhaba, hujjojin kuwa sai a nufi wasu littattafan. Wanda ya nemi hujja a Dasuƙi bai samu ba, ya ce babu ita, ya nemi nama ne a rumfar masu hatsi.

Akwai kuma hawan da ba ya cikin bugun Misira, shi ne na malamin zaure. Ɗalibi yana jan Larabcin gaɓa-gaɓa, malam yana mayar masa da Hausa, yana cusa sunan da aka ɓoye, yana faɗin inda lamiri ya koma. In an zo wuri mai wuya sai ya miƙa hannu ya jawo mujalladin Dasuƙi ko Jawahirul Iklil daga tarin da ke gefensa. Misalan manda da kantu daga bakinsa suke fitowa. Wasu ɗaliban sukan rubuta fassarar kalma da ajami, ƙanana, a tsakanin layuka, kuma tsofaffin littattafan hannu na ƙasar nan cike suke da irin wannan. A Borno ma akwai tsofaffin Alƙur'anai masu bayani da tsohon harshen Kanembu a tsakanin layukansu. Wani lokaci hawan namu yakan zama littafi sosai: As'halul Madarik, sharhin Askarin da ake karantawa kafin Muhtasar, Shehu Abubakar ɗan Hasan Bakatsine ne ya rubuta shi.

Shi kuwa Dardiri, ban da sharhin da ya yi wa Muhtasar, ya ga littafin ya yi wa masu farawa nauyi. Ya zauna ya tsamo wani sabon matani daga cikinsa, Aƙrabul Masalik, inda ya zubar da raunanan maganganu ya bar abin dogaro. A can mas'alar gishiri ta koma 'yan kalmomi: abin da aka zuba daga ɓangaren ƙasa, ko da da gangan, ba ya cutar da ruwa. Babu Ibnu Yunus, babu kai-kawo. Sabon matanin ma ya bukaci bayani, sai ya yi masa sharhi da kansa, Sharhus Sagir. Almajirinsa Ahmadu Sawi, wanda ya rasu a 1825, ya ɗora masa hashiya mai suna Bulgatus Salik.